Ranakun da Badamasi Ya Kai Harikwara

Badamasi gyaran jirgin ruwa yake yi a Tungar Gawo, wani ƙaramin ƙauyen masunta da manoman shinkafa a ƙasar Illo, dab da iyakar Benin. Ya haura shekara sittin. Wurin aikinsa gindin wata tsamiya ce a bakin fadama, inda kullum akwai jirgi ɗaya ko biyu a kife, da tukunyar kwalta a kan murhu, da tsummokaran da yake cusawa a tsagar katako. Ba shi da sarauta, bai taɓa neman ta ba. Amma idan Tungar Gawo tana da magana da Harikwara, ƙauyen Dandawa da ke tsallaken iyaka, shi ake kira, domin mahaifiyarsa 'yar can ce, kuma yana jin Dandanci kamar yadda yake jin Hausa.

Abin da ya haɗa ƙauyukan biyu tafki ne. Idan ruwan Kwara ya cika ya malala cikin fadama, sannan ya janye, yakan bar wani babban tafki tsakaninsu cike da tarwaɗa da karfasa da bargi. Tun zamanin kakanni ba wanda ke jefa koma ko taru a cikinsa sai ranar su, wato kamun kifi na gayya, rana ɗaya a shekara, lokacin zafi, wadda Sarakunan Ruwan ƙauyukan biyu suke tsayarwa tare. A ranar kowa yake shiga da homarsa, ƙaramar koma ta hannu, daga hantsi zuwa la'asar, mata kuma suna bakin ruwa da wuƙaƙe da itacen banda. Kifin wannan rana shi ne cefanen gidaje da yawa har faɗuwar damina.

Sau ɗaya aka taɓa saɓa wa wannan tsari a rayuwar Badamasi. Yana saurayi, aka sami saɓani kan rana, mutanen wani ɓangare suka shiga ruwa kafin ɗayan ya iso. Aka yi faɗa da sanduna da filafilai, aka kafa turaku a tsakiyar tafkin, aka yi shekaru ba mai taka ƙauyen wani. A lokacin mahaifiyarsa ta riga ta koma gidan iyayenta bayan rasuwar mahaifinsa. A cikin waɗannan shekaru ta rasu, labari bai iso masa ba sai bayan an rufe ta. Ba ya yawan ba da wannan labari. Abin da yake faɗa shi ne yanzu 'yarsa Safina tana aure a Harikwara, da 'ya'yanta, kuma ba ya son ta san irin abin da ya sani.

A bana an tsayar da su ranar wata Asabar. Ranar Laraba kafin ta, Ma'azu, Sarkin Ruwan Harikwara, ya faɗi a gonarsa, kafin a kai shi gida rai ya yi halinsa. Taubashin Badamasi ne, ɗan ƙanen mahaifiyarsa, kuma sun shekara talatin suna daidaita maganar ranar su tsakaninsu cikin wasa da tsokana, Ma'azu yana ce masa mai liƙe ramin jirgi da miyau, shi kuma yana ce masa Sarkin Ruwan da bai iya iyo ba. Mutanen Tungar Gawo suka tafi jana'iza da yawansu, suka dawo da yamma.

Washegari saƙon murya ya shigo wayar Badamasi. Muhsin ne, babban ɗan marigayin, wanda bai cika shekara talatin ba, kuma kowa ya san shi za a ɗora a kan sarautar. Muryarsa a dushe take. Ya ce gidansu ba za su shiga ruwa ba sai an yi sadakar bakwai, wadda ta faɗo ranar Talata, don haka suna roƙon a ɗaga ranar su. Ya kawo ranaku uku a zaɓa: Laraba, washegarin sadakar, ko Alhamis da ke bin ta, ko kuma Asabar ta makon da ke bayan wancan.

Badamasi ya kai wayar zauren Ɗanmusa, Sarkin Ruwan Tungar Gawo, ya kunna wa dattawa. Tun kafin muryar ta ƙare kowa ya san babu ranar da za ta yiwu. Laraba ita ce ranar da injin bugun shinkafar rani zai zo ƙauyen. Sun daɗe suna jiran layi, shinkafa tana jibge a gonaki tsuntsaye suna ci, kuma idan mai injin ya wuce ba zai dawo ba sai ya gama da ƙauyukan gaba. Alhamis ranar kasuwarsu ce, mata masu banda duk suna can, jirage kuma suna jigilar kaya. Kifin da aka fitar a irin wannan zafi ba tare da mai yanka da mai hura wuta ba, kafin magariba ya lalace. Asabar ta nesa kuwa ruwan ba zai kai ta ba. Gefen gabas na tafkin ya riga ya koma iya gwiwa, kuma da rana ana ganin kifi yana tasowa yana haki.

Dattawa duk sun yarda a kan wannan, amma suka rasa yadda za a faɗa. Ɗanmusa ya ce a al'adarsu ba a mayar wa mai zaman makoki magana. Yaro ya rasa uba jiya, yau a ce masa a'a har sau uku? A bari kawai. Idan ya ji shiru zai gane, ya sake aiko wasu ranaku. Haka iyayensu suke yi. Wani dattijo ya ce to a aika masa da "Allah ya kai mu", kowa ya san ma'anarta. Wani ya ce a faɗa masa ranakun ba su yi ba, ya sake dubawa, shi ke nan.

Badamasi ya ce shiru yana aiki ne lokacin da ɗan aike ke tafiya da ƙafa, ya dawo ya ce ya ga fuskokinsu ba su saki ba. Waya ba ta kai fuska. Yaron zai ga alamar an saurari saƙonsa, bai ji musu ba, ya ɗauka an yarda. Ɗanmusa ya dube shi ya ce ya san jininsa yana can, amma a nan zauren ba ɗan mace ke yanke magana ba. Aka yi dariya kaɗan, irin wadda ake yi don a rufe zance. Badamasi ya mayar da wayarsa aljihu ya koma gindin tsamiya.

Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce. Muhsin ya kira sau biyu, Badamasi yana kallon wayar har ta katse, domin ba a ba shi abin da zai faɗa ba, kuma ba zai iya yi wa yaron ƙarya ba. Ya ce a waɗannan kwanaki ya ƙona tukunyar kwalta, abin da bai yi ba tun yana koyon aiki.

Ranar Lahadi da hantsi Safina ta kira. Bayan gaisuwa ta tambaye shi ko zai kwana wurinta ranar Talata bayan sadaka, tun da washegari su ne. Ya tambaye ta wa ya ce su ne. Ta ce ai gari duk ya ɗauka. Muhsin ya gaya wa mutane bai ji wata magana daga Tungar Gawo ba, ke nan ranar farko ta zauna. Maza suna ɗinkin homa, mata sun tara itace, an ma aika wa masu sayen kifi na cikin Benin su zo da motocinsu.

Badamasi ya rufe tukunyarsa ya tafi gidan Ɗanmusa. Ya same shi shi kaɗai yana gyaran taru. Ya gaya masa ranar Laraba mutanen Harikwara za su tsaya a bakin tafki da homa a hannu, su duba su ga ba kowa daga wannan gefe. Ko su koma gida su ce an wulakanta su a makon mutuwar Sarkinsu, ko samarinsu su shiga ruwa. Idan suka shiga, samarin Tungar Gawo za su bar injin su sheƙo da sanduna.

Ɗanmusa ya ajiye tarun. Shi ma yana cikin waɗanda suka kafa turakun nan a da. Ya ce wa Badamasi to ya kira yaron ya ce masa ba ta yiwuwa, su sake zaɓe.

"Ranka ya daɗe, in munka ce su sake zaɓe, wasu ukun za su aiko, mu sake zama, ruwa yana tafiya," in ji Badamasi. "Mu ne munka ƙi nasu. Mu ya kamata mu kai namu, waɗanda munka tabbata ba mu tashi daga kansu."

Ɗanmusa ya ce ya je ya nemo su.

Wannan aiki ya cinye masa yinin. Juma'a ba ta cikin lissafi, domin su ba ya ƙarewa kafin masallaci. Saura Asabar mai zuwa, da Lahadi, da Litinin. Ya fara da mai injin, ya kira shi ya tabbatar zai gama ranar Laraba, idan aiki ya yi saura ya ƙarasa da safiyar Alhamis, ba zai taɓa ƙarshen mako ba. Ya bi masu jirage ɗaya bayan ɗaya. Ya je wurin liman ya tambaya ko akwai ɗaurin aure ko suna a waɗannan ranaku, aka ce akwai suna ranar Lahadi amma da sassafe ne, ba zai hana komai ba. Sannan ya shiga gidan Asibi, shugabar mata masu banda, wadda ta girme shi kuma ba ta taɓa raga masa ba.

Ta ce sai yanzu aka tuna da mata, bayan maza sun yi kwana uku suna kallon waya kamar za ta haihu. Ta ce Asabar ta fi, domin itacensu a shirye yake. Lahadi ma ba laifi. Litinin za su iya, amma ya sani kowace rana da aka ƙara kifin gabas ne ake binnewa. Ya tambaye ta ko zai iya faɗa a can cewa duk ukun mata sun yarda. Ta ce ya faɗa, amma idan ya dawo da ta huɗu, shi za ta ɗora a kan wayar banda.

Kafin la'asar ya shiga tafkin da kansa ta gefen gabas, ba tare da koma ba, da sandar da yake auna ruwa. Ruwan ɗumi ne kamar an ɗora shi a wuta. Ya ga zai iya kaiwa Litinin da ƙyar, bayan ta kuwa ba zai ɗauki alkawari ba. Ya koma ya gaya wa Ɗanmusa ranakun uku a gaban dattawa biyu, don kada gobe wani ya ce bai ji ba. Kowace rana ya faɗe ta da sunanta na mako, bai ce kaza ga wata ba, domin akan yi shekarar da ƙauyukan biyu ba su ga jinjirin wata a rana ɗaya ba.

Ɗanmusa ya ce to ya tura saƙon. Badamasi ya ce wannan ba maganar waya ba ce, yanzu da ta riga ta kwana. Abin da ya tura wa Muhsin shi ne cewa yana tafe gobe da safe da amsar Tungar Gawo, kuma kada a ƙara kiran kowa kan Laraba kafin ya iso.

Da safiyar Litinin ya hau bayan ɗan acaba da ƙullin goro, suka bi ta fadamar da ta bushe. A ƙofar gidan marigayin an shimfiɗa tabarmi, masu gaisuwa cike, Muhsin yana zaune kusa da baffansa, ƙanen marigayin, mutum mai zafin rai wanda shi ma wasu suke ganin ya cancanci sarautar. Badamasi ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, ya ajiye goro. Bai ta da maganar a nan ba. Ya san idan ya ce a'a a kan tabarmar nan, maganar farko da yaron ya yanke a madadin ubansa ce za ta faɗi a gaban mutane, a gaban baffan kuma. Sai da aka ɗan sarara ya ce wa Muhsin ya raka shi ya gaida iyaye mata. A soron ciki ya tsayar da shi.

Ya fara da cewa Tungar Gawo ta ji roƙonsu kuma ta yarda a ɗaga, ba wanda zai shiga ruwa suna cikin makoki. Sannan ya ce ranakun nan uku babu wadda za ta yiwu, ya faɗi dalilin kowace a taƙaice: inji, kasuwa, ruwa.

Muhsin ya tambaye shi me ya sa ba a faɗa ba tun ranar Alhamis. Ya ce ya kira har sau biyu.

"Na gani, ɗana. Ya kamata ka ji tun ran nan. Dattawanmu sun ji nauyin su ce maka a'a kana cikin wanga hali, nauyin kuma ya zama abin da ya zama."

"Baba, na riga na gaya wa gari Laraba. Yanzu in fita in ce mi?"

"Ka fita ka ce ka duba, ka zaɓi wata. Ga uku na kawo maka: Asabar mai zuwa, Lahadi, ko Litinin. Duk wadda ka ɗauka, mun riga mun yarda, ba sai na koma na tambayo ba. Ba na roƙonka komi sai ka ba ni amsa yau, in kai ta kafin rana ta faɗi."

Yaron ya jingina da bango. Ya ce da wannan magana ta zo ranar Juma'a, da Asabar ya ɗauka ba tare da tunani ba. Amma da suka ji shiru suka ɗauka su ya zauna a Laraba, sai suka sa rabon gado ranar Asabar, an riga an aika wa malamin da zai raba da 'yan'uwan da ke nesa. Lahadi kuma dattawan gari suka ajiye don zaman sarauta. Saura Litinin.

Badamasi ya ce ya san abin da Litinin za ta ci, amma ita ma rana ce da ya kawo, ba zai janye ta ba. Ya ce Litinin ke nan, bayan hantsi, kowa a gefensa, ba mai taɓa ruwa sai Sarakunan biyu sun tsaya. Muhsin ya maimaita. Suka fita, yaron ya zauna, bayan ɗan lokaci ya gaya wa mutane da bakinsa cewa an mayar da ranar su Litinin ta sama, a aika wa masu motoci. Baffan ya dubi Badamasi ya ce da Dandanci, yadda kowa zai ji, ashe yanzu daga tsallake ake kawo wa Harikwara ranakunta a aljihu. Badamasi ya sa Muhsin ya yi saƙon murya zuwa ga Ɗanmusa yana faɗin ranar, don ta fito daga bakin mai ita, sannan ya shiga wurin Safina ya sha ruwa, ya ɗauki ƙaramin jikansa na ɗan lokaci, ya kama hanya.

A makon nan zafi ya ƙaru. Tun ranar Asabar aka fara jin wari daga gefen gabas, shamuwa da balbela suka cika wurin. Mutanen Tungar Gawo da ke wucewa ta gindin tsamiya, wasu ba sa yi masa sallama. Ana cewa ya je ya sayar da Asabar don ya faranta wa dangin uwarsa. Asibi ce kaɗai ta ce a bainar jama'a waɗanda suka yi shiru su ne suka sayar da ita, amma ita ma ba ta ce masa sannu ba.

Ranar Litinin aka yi su. Muhsin ya zo da rawanin da aka naɗa masa ranar Lahadi, ya tsaya kusa da Ɗanmusa, aka yi addu'a, aka shiga tare. Baffan bai zo ba, gidaje da dama na ɓangarensa ma ba su zo ba. Karfasar gabas ta riga ta mutu, sai tarwaɗa da ke jure laka aka samu a can. Masu banda sun ce abin da aka fitar bai kai rabin na bara ba, kuma wasu daga cikin masu motocin da aka ɗage wa rana ba su zo ba. Ba a ɗaga sanda ba. Da la'asar Safina ta zagayo ta bakin ruwa ta kawo wa mahaifinta fura, ta koma gefen mijinta.

Badamasi bai shiga ruwa ba bana. Ya ce ƙafarsa ce, wasu suka ce ba ƙafa ba ce. Yana nan gindin tsamiya da jiragensa. An ji cewa baffan Muhsin yana gaya wa mutane baɗi Harikwara ita kaɗai za ta sa rana, wanda ya ga dama ya zo. Da aka kawo wa Badamasi wannan magana, ya ce baɗi da nisa, sai dai ya riga ya gaya wa Ɗanmusa cewa duk saƙon da ya sake shigowa wayarsa daga can, a ranar zai mayar da amsa, ko kuma su nemi wani ɗan aiken. Ɗanmusa bai ce masa to ba, bai kuma ce a'a ba.